Yadda Ake Rubuta wa Jami'ar Ƙasar Waje Imel Don Ta Auna Kwasa-kwasan Da Ka Riga Ka Ci

Malamin da zai yanke hukunci a kan karatunka na baya bai taɓa leƙa ajinku ba, bai san wanda ya koyar da ku ba, wataƙila ma yau ce ranar farko da ya ji sunan jami'arku. Abin da ke gabansa kawai shi ne takardun da ka aika, da manhajar kwas ɗin da shi yake koyarwa. Zai ajiye su gefe da gefe ya tambayi kansa: wannan ɗalibin ya riga ya koyi abin da nake shirin koya masa, a zurfin da nake so, kuwa? In takardunka sun ba shi amsa cikin 'yan mintuna, ka samu. In kuwa sai ya yi ta lalube, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce ka sake kwas ɗin.

Saboda haka yawancin aikin wannan imel ana yinsa ne kafin a rubuta kalma ta farko. Zan bi matakan da misalin ɗaliba guda, wadda ta yi shekara biyu tana karatun tattalin arziki, zangon karatu huɗu ke nan, sannan take son ta ƙarasa digirinta a wata jami'a a Turai inda digirin yake shekara uku.

Mataki na farko: gano sunan abin da kake nema da ofishin da ke yinsa

Kowace ƙasa da sunan da take kiran wannan aiki, kuma in ba ka yi amfani da sunan da suka sani ba, saƙonka zai yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Shiga shafin jami'ar ka rubuta a gurbin bincike. A Amurka da Kanada, abin da za ka gani shi ne transfer credit. A Birtaniya an fi rubuta Recognition of Prior Learning ko Accreditation of Prior Learning. A Ostareliya za ka ci karo da advanced standing, a Jamus kuma Anerkennung. Wanda ka tarar a shafinsu, shi za ka sa a kan imel ɗinka harafi da harafi.

Sai ofishi. Wanda bai samu gurbi ba tukuna, ofishin ɗaukar ɗalibai zai rubuta wa, wanda a shafinsu ake kira Admissions. Wanda ya riga ya samu gurbi, sau da yawa maganar tana hannun ofishin rijistara ko ofishin sashensa. A Jamus akwai ofishin jarrabawa, Prüfungsamt, shi ke karɓar takardu ya miƙa wa kwamitin jarrabawa. Kada ka rubuta wa shugaban jami'a, kuma kada ka jera adireshi goma a saƙo ɗaya. Idan mutum goma suka ga saƙo, kowa ɗauka yake ɗan'uwansa zai amsa.

Tun kana wannan shafin, kwafe abu huɗu a takarda: mafi ƙarancin makin da suke karɓa, iyakar kiredit ɗin da za a iya yafe wa mutum, yawan shekarun da kwas zai yi kafin su ce ya tsufa, da ranar rufe karɓar buƙata. Jami'o'in Amurka da dama ba sa karɓar kwas ɗin da aka ci da ƙasa da C, kuma sukan ce dole mutum ya yi wani adadi a wurinsu, sau da yawa akalla kiredit 30 cikin kusan 120 na digirin. Wasu jami'o'in ba sa duba kwas da ya wuce shekara biyar, wasu goma. Idan ka tambayi abin da ke rubuce a shafinsu, amsar da za ka samu ita ce adireshin shafin, ka yi asarar mako guda a banza.

Mataki na biyu: tattara takardu, musamman wadda mutane ke mantawa

Takardar sakamako ta hukuma, wadda ɗalibai ke kira taransikirif, kowa ya san da ita. Abin lura shi ne a bayanta ko a ƙarshenta akan buga bayanin yadda jami'ar ke ba da maki da yadda take ƙirga kiredit. Ɗauki hoton wannan shafin ma. Maki 65 a wata jami'a abin alfahari ne, a wata kuwa da ƙyar aka tsallake, kuma baƙo ba zai san wanne ne naka ba sai da wannan bayanin.

Takardar da ta fi nauyi, wadda kuma ita aka fi zuwa babu, ita ce cikakkiyar manhajar kowane kwas. Taransikirif suna kawai yake nunawa da lamba da maki. "Ƙididdiga ta Ɗaya" na iya zama kwas ɗin da ya tsaya a zana jadawali da fitar da matsakaici, yana kuma iya zama wanda ya kai har gwajin hasashe. Manhajar da za ta yi maka aiki ita ce wadda ta faɗi batutuwan da aka bi mako-mako, da abin da ake so ɗalibi ya iya in ya gama, da sa'o'in lakca da na aikin hannu, da littattafan da aka karanta, da yadda aka raba maki tsakanin jarrabawa da aikin gida, da kwas ɗin da dole a ci kafin a shiga wannan.

A nan akwai wani rami. Manhajar da ake so ita ce ta shekarar da ka yi kwas ɗin. Sassa sukan canja lambobin kwasa-kwasai da abin da ke cikinsu, to idan taransikirif ɗinka ya nuna lamba ɗaya, manhajar da ka sauke daga shafin sashenku yau ta nuna wata, mai dubawa zai ɗauka takardar wani kwas ka kawo masa. In ta shekararku ta ɓata, je sashenku ka roƙi su rubuta ta a takarda mai tambarin jami'a, shugaban sashe ya sa hannu ya buga hatimi. Kada ka zauna ka tsara ta da kanka daga abin da ka tuna, ka miƙa kamar ta hukuma ce. Suna iya rubuta wa tsohuwar jami'arka su tambaya, kuma in abin ya tonu, gurbin gaba ɗaya ne zai tafi.

Idan takardun ba da harshen da jami'ar ke karɓa suke ba, sai an fassara su a wurin mai fassarar da hukuma ta amince da shi, a haɗa fassarar da ta asali. Jami'o'in Amurka da Kanada da yawa kuma sukan ce sai wata cibiyar tantance takardu, kamar WES ko ECE, ta fara auna su kwas bayan kwas. Kada ka yi gaggawar biyan kowace cibiya sai jami'ar ta faɗa maka wadda take karɓa da irin rahoton da take so, domin akwai rahoton da ke faɗin darajar takardar a dunƙule, akwai mai bin kwas ɗaya-ɗaya, kuma na biyun ne ke da amfani a wannan aiki.

Mataki na uku: mayar da kiredit ɗinka zuwa ma'auninsu

A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka bari in ɗan daɗe.

Kiredit ba mudu ɗaya ba ne a ko'ina. Yawancin Turai na amfani da ECTS, inda shekarar karatu cikakkiya take 60, digirin shekara uku 180, na shekara huɗu 240. Kowane ɗaya yana nufin aikin sa'a 25 zuwa 30, kuma aikin ya haɗa da zaman aji da karatun gida da aikin da aka ba ka da shirin jarrabawa, duka. A Birtaniya shekara 120 ce, kowane kiredit sa'a 10, don haka biyu nasu ne ke yin ECTS ɗaya. A Amurka shekara kusan 30 ce, kuma kiredit ɗaya na nufin sa'a ɗaya a aji kowane mako da kamar sa'a biyu na karatun kai, na tsawon kusan mako 15.

Ga yadda ɗalibarmu za ta iya cutar kanta ba ta sani ba. Kwas ɗinta na ƙididdiga kiredit 3 ne, lakcar sa'a uku a mako, mako 15, jimilla sa'a 45. Idan ta rubuta "sa'a 45" ta yi shiru, malamin Turai zai raba 45 da 25, ya samu abin da bai kai ECTS 2 ba, alhali nasa kwas ɗin 6 ne. Nan take zai ga kamar ɗan gajeren horo ta yi. Abin da ya faru shi ne ta ƙirga zaman aji kaɗai, shi kuma yana ƙirga aikin duka.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a auna da shekara. A ce a jami'arta cikakken ɗalibi yana ɗaukar kiredit 36 a shekara. Shekara ɗaya a can daidai take da ECTS 60 a nan, to sai a raba:

```
60 / 36 = 1.67
3 x 1.67 = 5
```

Kwas ɗinta mai kiredit 3 ya kai kimanin ECTS 5 ke nan. A imel sai ta rubuta duka biyun: sa'a 45 ta zaman aji, da kuma wannan lissafin, tana faɗin inda ta samo 36 ɗin, wato daga littafin dokokin sashensu. Ta kuma ce ƙiyasi ne nata. Jami'ar ce ke da ikon yanke adadin ƙarshe, amma ta nuna musu hanyar da ba za su raina karatunta ba.

To amma 5 bai kai 6 ba. Wasu jami'o'in sukan kau da kai daga ɗan giɓi irin wannan in abin da ke ciki ya dace, wasu ba sa yi. Dabarar ita ce haɗawa. Ta yi Ƙididdiga ta Ɗaya da ta Biyu, kowanne 5, sun zama 10. Ta ajiye su biyun a gaban kwas ɗinsu mai 6. Huɗun da suka yi saura galibi sun tafi, ba za a ba ta canjinsu ba, sai dai in sun yarda su ƙirga su cikin kwasa-kwasan zaɓi. Ni a ganina gara a yi asarar huɗu a samu shida da a riƙe goma a samu sifili.

Mataki na huɗu: ka yi haɗin da kanka

Sauke jerin kwasa-kwasan digirin da kake son shiga, tare da bayanin kowanne. A Jamus wannan littafin shi ne Modulhandbuch. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya: wanne cikin nawa ne ya rufe wannan? Kula da alƙiblar tambayar. Daga nasu ake farawa a nemo naka, domin digirinsu za su ba ka, kuma gurabensu ake so a cike.

Ɗalibarmu ta yi kwas 24 a shekara biyu. Da ta bi jerinsu, sai ta ga kashi uku ne. Akwai waɗanda suka dace sarai, kamar gabatarwar tattalin arziki da lissafi da akanta. Akwai waɗanda ba su da takwara ko kaɗan, irin kwasa-kwasan gama-gari da jami'arta ke tilasta wa kowa a shekarar farko. Sai na tsakiya, waɗanda suka dace ta wani gefe suka gaza ta wani. Kashi na farko ta ajiye su kai tsaye a gaban takwarorinsu. Na biyu ta tara su a layi ɗaya, ta tambaya ko za a iya ƙirga su a matsayin zaɓi. Na tsakiyan su ne ke buƙatar gaskiya da dabara.

Misali, kwas ɗinsu na ƙididdiga ya ce ɗalibi zai yi aikin kwamfuta da shirin lissafin ƙididdiga mai suna R, nata kuwa da biro da takarda aka yi shi daga farko har ƙarshe. Kada ta ɓoye. Mai dubawa zai gani a manhaja, kuma in ya kama ɓoyo ɗaya zai fara shakkar sauran. Ta rubuta cewa batutuwan sun yi daidai, daga ilimin yiwuwa har rigireshan, wato auna alaƙar wani adadi da wani, ban da aikin kwamfuta, sannan ta tambaya ko akwai hanyar cike wannan giɓin ba tare da maimaita kwas ɗin duka ba. Wasu sassan sukan yarda da hakan, su ba mutum aiki ko ƙaramar jarrabawa.

Sai batun mataki, wanda shi ma yake kayar da mutane. Kwas ɗin shekarar farko ba ya maye gurbin na shekarar ƙarshe ko da sunansu ɗaya ne. A Ingila ma lamba suke sa wa abin: shekarar farko mataki na 4, ta biyu na 5, ta uku na 6. Idan ka ajiye kwas ɗinka na gabatarwa a gaban nasu na mataki na 6, ka nuna ba ka karanta bayanin ba.

Duk wannan a jadawali ɗaya zai shiga, shafi ɗaya ko biyu. Kowane layi ya ɗauki lambar kwas ɗinsu da sunansa da kiredit ɗinsa, sai naka da lambarsa da kiredit da makin da ka samu da shekarar da ka yi shi, sai shafin da manhajarsa take a cikin fayil ɗin da ka haɗa. Wannan gurbin na ƙarshe ƙarami ne, amma shi ke sa mai dubawa ya buɗe shafi na 14 kai tsaye maimakon ya yi ta gungurawa.

Mataki na biyar: rubuta imel ɗin

Fara da kan saƙo. Ofisoshin nan suna samun saƙonni da yawa, kuma da kan saƙo suke rarraba su. Ya ƙunshi sunan buƙatar kamar yadda suke kiranta, da digirin, da lokacin shiga, da lambarka in kana da ita:

```
Credit transfer assessment - BSc Economics - September entry - ID 000000
```

Jikin saƙon kada ya wuce abin da za a karanta a fuskar kwamfuta ɗaya. Ga na ɗalibarmu da Hausa. Kai sai ka rubuta naka da harshen da jami'ar ke aiki da shi, ka bi wannan jerin:

"Zuwa ga Ofishin Ɗaukar Ɗalibai,

Sunana wance, lambar neman gurbina kaza. Na nemi shiga digirin farko na tattalin arziki a zangon Satumba, kuma ina roƙon a auna kwasa-kwasan da na riga na ci domin a ga waɗanda za a iya ƙirga mini.

Na yi zangon karatu huɗu a jami'a kaza, a ƙasa kaza, daga shekara kaza zuwa kaza, a wannan fannin. Na ci kwas 24, jimillar kiredit 72. Ban kammala digirin ba, kuma ba a ba ni wata shaida da waɗannan kwasa-kwasan ba. A jami'ar, bisa littafin dokokin sashenmu, cikakken ɗalibi yana ɗaukar kiredit 36 a shekara, don haka a ƙiyasina kwas mai kiredit 3, mai sa'a 45 ta zaman aji, ya kai kimanin ECTS 5.

Na haɗa jadawalin da ke nuna kwas ɗinku da nake ganin kowane nawa ya yi daidai da shi, da takardar sakamako tare da bayanin maki, da manhajar kowane kwas ta shekarar da na yi shi.

Tambayoyina uku ne. Za a iya yin wannan awon kafin in karɓi gurbin, ko sai bayan na yi rajista? Kwafin da na haɗa ya isa a wannan matakin, ko sai jami'ata ta aiko muku da na asali kai tsaye? Kuma kamar mako nawa hukuncin yake ɗauka? Dole in ba da amsar karɓar gurbi kafin rana kaza.

Idan wani ofishi ne ke da wannan aikin, don Allah a nuna mini shi.

Na gode."

Sai cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, da lambar waya mai lambar ƙasa.

Akwai jimloli biyu a ciki da ba ado ba ne. Wadda ta ce ba a ba ta wata shaida da kwasa-kwasan ba tana da dalili: wasu jami'o'in ba sa yarda a ƙirga kiredit ɗaya sau biyu, wato a karɓi digiri da shi a can sannan a sake cin moriyarsa a nan. In ka riga ka karɓi difloma ko digiri da su, faɗi, ka bar su su yi hukunci. Ɗayar kuma ita ce ranar da za ta ba da amsa. Kalmar "da gaggawa" ba ta motsa kowa a ofis, amma kwanan wata na sa a san inda za a ajiye fayil ɗinka a layi.

Abin da ba ya cikin saƙon ma da gangan ne. Babu labarin wahalar da ta sha, babu yabon jami'ar, babu dogon roƙo. Ma'aikacin da ke karantawa ba shi da ikon ƙara mata kiredit ɗaya don tausayi, doka ce a gabansa. Babu kuma "a mayar mini da duk kwasa-kwasaina", domin wannan buƙata ce da ba wanda zai iya ce mata e.

Idan sunanka a taransikirif ya bambanta da na fasfo, ko da a harafi ɗaya ne ko a jerin sunayen, ƙara layi guda ka bayyana, ka haɗa shaidar.

Fayiloli kuma su zama PDF, kaɗan, masu suna da ke faɗin abin da ke ciki:

```
01_mapping_table.pdf
02_transcript_and_grading_key.pdf
03_syllabi.pdf
```

Manhajojin duka a fayil ɗaya, a jere kamar yadda suke a jadawali, da lambar shafi. Hotuna ashirin da aka ɗauka da waya a karkace ba wanda zai bi su. Ka duba nauyinsu ma, don akwatin wasu ofisoshin yana mayar da saƙo mai nauyi. Guje wa aika mahaɗi zuwa wata ma'ajiya, domin ma'aikata da yawa an hana su danna irin wannan. Kafin ka aika, tura wa kanka saƙon, ka buɗe kowane fayil a wata na'ura, ka tabbata hatimi da maki suna karantuwa.

Mataki na shida: jira, da karanta amsa

Sau da yawa amsar farko ta na'ura ce, da lambar buƙata a samanta. Adana lambar. Idan sun faɗi tsawon lokaci, jira ya cika. In ba su faɗa ba, mako biyu ya isa ka tuna musu, kuma a kan wannan saƙon za ka amsa, layi biyu, da lambar. Sabon saƙo yakan buɗe sabuwar buƙata ya mayar da kai ƙarshen layi.

Amsar da aka fi samu ga wanda bai da gurbi ita ce: nemi gurbi tukuna, sai mu duba. Wannan ba ƙi ba ne, ƙa'idar jami'o'i da yawa ce, saboda lokacin malamai ake ci wajen awon. Abin da za ka iya yi shi ne ka tambaya ko za su ba ka hasashe marar ɗauri, ko kuma hukuncin zai fito kafin ranar da za ka biya kuɗin kama gurbi. Idan sai bayan ka biya ne, yi lissafinka kamar ba za a yafe maka komai ba, ka ga ko har yanzu tafiyar ta karɓe ka.

Idan hukuncin ya zo, kada ka tsaya a jimillar da ke ƙasa. Kiredit iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗaura a kan takamaiman kwas ɗinsu, wannan ya cire maka kwas ɗin daga wuya. Akwai wanda aka ba ka a sake, a matsayin zaɓi, wanda amfaninsa ya tsaya a iyakar gurbin zaɓi da digirin ke da shi. Akwai kuma abin da ya yi kama da kiredit alhali ba shi ba ne: a ce an ɗauke maka kwas kaza, amma ka zaɓi wani a madadinsa. Wannan ya raba ka da maimaici, bai rage maka rana ɗaya ba.

A ce ɗalibarmu, wadda a lissafinta ta kawo ECTS 120, an karɓar mata 78. Da ganin lambar za ta ce saura 102, ƙasa da shekara biyu, wataƙila ta gama a zango uku da 'yan kai. Sai ta duba da kyau: cikin waɗanda aka ƙi akwai ƙididdigar nan, ana koyar da ita a zangon kaka kaɗai, kuma sai an ci ta ake shiga kwas na gaba da ita, wanda shi kuma sai an ci shi ake fara aikin binciken ƙarshe. Wannan sarƙar ce za ta faɗi ranar gamawarta. Don haka saƙonta na biyu tambaya ɗaya zai ɗauka: da wannan hukuncin, a wace shekara zan shiga, kuma yaushe ne mafi kusa da zan iya kammalawa? Ta nemi amsar a rubuce. Ta kuma tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko raguwar kwasa-kwasan za ta taɓa bizarta ko tallafin karatunta, tunda biza ta ɗalibi galibi tana buƙatar mutum ya zama cikakken ɗalibi. Wani abin da za ta tambaya shi ne ko makinta na baya zai shiga lissafin sakamakonta na ƙarshe, domin a wurare da yawa kiredit ɗin ne ke ƙaura, makin yana zama a inda aka same shi.

Idan an ƙi wani kwas ba a faɗi dalili ba, nemi dalilin cikin ladabi. Ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 sun amince cewa a karɓi karatun da aka yi a wata ƙasar yarjejeniyar sai dai in akwai bambanci mai girma, kuma mai aunawa ne zai nuna bambancin. Ko ƙasar da ka yi karatu ba ta ciki, tambayar tana da amfani yadda take: wane bambanci ne aka gani tsakanin kwas ɗina da naku? Amsar za ta nuna maka abin yi. In sun ce ba su ga wani batu a manhaja ba alhali kun yi shi, aika musu takardar tambayoyin jarrabawar shekarar, ko aikin da aka yi maka maki, ko wasiƙar malamin kwas ɗin. In sun ce matakin ne bai kai ba, ko kwas ɗin ya tsufa bisa dokarsu, ƙarin takarda ba zai sauya komai ba. Ƙorafi yana da wa'adinsa, yawanci a ƙasan wasiƙar hukuncin ake rubuta shi, kuma a wasu wuraren daga ranar da ke kan wasiƙar ake fara ƙirgawa, don haka duba wannan layin tun ranar da ta iso.